TRIM ko VALUE: gyaran lambobin da aka kwafo daga PDF

Idan ka kwafo farashin kaya daga PDF zuwa Excel, a ce jerin kuɗin buhunan gero na wani ɗan kasuwar Dole a Damagaram, za ka ga lambobin sun maƙale a hagun gida, SUM kuma ya ba ka sifili. Rubutu ne suka zama, ba lamba ba.

Yawancin mutane wannan suke fara gwadawa:

```
=TRIM(CLEAN(A1))
```

CLEAN yana cire tsallaken layi, TRIM yana share tazarar gaba da baya. Ga jerin sunaye ya wadatar. Amma takardunmu na Nijar da tsarin Faransanci ake buga su: sefa dubu ashirin da biyar ana rubuta ta 25 000, da tazara a tsakiya. TRIM ba ya taɓa tazara ɗaya da ke tsakiya. Sau da yawa ma ba tazarar da muka saba ba ce, wata ce mai lamba 160 a jerin haruffan kwamfuta, wadda TRIM bai santa ba sam.

Ni ta biyun nake zaɓa:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(CLEAN(A1),UNICHAR(160),"")," ",""))
```

Tana da tsawo, amma tana cire tazarar iri biyu, sannan VALUE ya mai da 25000 lamba ta gaske, ta koma dama. In ka ga `#VALUE!`, duba ko kalmar FCFA ta biyo lambar, ka share ta, ko tazarar siririya ce mai lamba 8239, sai ka sa 8239 a madadin 160.

Lambobin waya kam, kada ka sa musu VALUE, domin zai cinye sifilin farko.