Makirfon maƙalawa a riga: ya fitar da ni kunya a Mile 12, amma ina da ƙorafi

Na sayi ɗan makirfon nan mai igiya da ake maƙalawa a wuyan riga, wanda masu shago a Computer Village ke kira lafel, saboda hirar da nake ɗauka da dattawanmu 'yan kasuwa a Legas. Kun san irinsa, mai doguwar igiyar nan ta mita 6 da ɗan akwatin batir a tsakiya. Wayata ba ta tsada ba ce, kuma da ita kaɗai nake aiki. A gaskiya ban sa rai da wani abin kirki ba, don kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Inda ya ba ni mamaki shi ne kasuwar Mile 12. Akwai wani dattijo dillalin tumatir da na daɗe ina bibiya ya ba ni labarin yadda ake sauke kayan gwari daga Arewa a zamanin da ya fara zuwa, da ya amince kuma sai ya ce shi ba zai bar rumfarsa ba. Duk wanda ya san wurin ya san abin da hakan ke nufi: tirela na juyawa, 'yan dako na ihun a ba su hanya, ga janareta a bayan rumfa, ga kwandastocin danfo daga bakin titi. A irin wannan wuri, da makirfon cikin waya kaɗai, abin da nake samu shi ne hayaniyar kasuwa a gaba, muryar mutum a can baya kamar daga cikin rijiya.

Na maƙala masa shi a ƙirji, kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa, na kafa waya nesa kaɗan don hoto ya ɗauke shi da kwandunansa. Da na sa iyafis na saurari gwajin farko, sai da na miƙa masa shi ma ya ji. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Yaro, ai wannan kamar a gidan rediyo." Muryarsa ta fito cike, kowace kalma a fili, kasuwar kuma tana nan ana jin ta amma ta koma baya. Ranar na dawo gida da murna ƙwarai, don dattijon nan ba mai maimaita zance ba ne.

Sai dai kada kowa ya ruɗu da abin da mai shagon ya faɗa mini, wai yana kashe hayaniya. Ba ya kashe komai. Makirfo ne mai ji ta kowane ɓangare, duk abin da ke kusa da shi zai ɗauka. Sirrin kawai kusanci ne. Waya tana wajen mita biyu daga bakin mai magana, shi kuwa santimita 20 ne tsakaninsa da baki, don haka murya ke isa gare shi da ƙarfin da ya danne na kewaye. Shi ya sa duk lokacin da wani ɗan dako ya tsaya daf da kafaɗar Baba yana kiran abokinsa, muryarsa ta shiga tsaf. Janaretan ma ya fito fili a farko, sai da na roƙi Baba ya matsa gaban rumfa ya ba shi baya, jikinsa ya tare wani abu daga ƙarar.

To ga inda raina ya fara ɓaci. An ce mini da na soka shi a waya shi ke nan. Ba haka ba ne. Manhajar ɗaukar murya ta karɓe shi, amma kyamarar da ta zo da wayar ko kallonsa ba ta yi ba, ta ci gaba da ɗauka da makirfon cikin waya, kuma babu wata alama a allo da za ta nuna maka. A ɗaki shiru ba za ka gane ba, don murya za ta fito dai. Yadda ake ganewa: ka fara ɗauka, ka ɗan kankare kan makirfon da farce, sannan ka kankare ƙasan wayar inda nata ramin yake. Wanda ƙararsa ta fi tashi in ka saurara, shi ke aiki. Na warware matsalar da manhajar Open Camera, a cikin Video settings akwai Audio source, sai ka zaɓi External mic (if present). Amma me zai hana a rubuta wannan a takardar da ke cikin kwali? Na san wani abokin aiki da ya ɗauki wa'azi guda a Agege makirfo na maƙale a rigar malam alhali ba ya ɗaukar komai.

Haka makunnin da ke jikin akwatin batir. Idan da waya kake aiki, dole ya tsaya a ɓangaren waya, don ita ke ba shi wuta, batirin na kyamara mai zaman kanta ne. Makunnin nawa sako-sako yake, gogar aljihu kaɗan sai ya zame. Yanzu salatif na naɗa masa. Ku kuma duba bakin da ake sokawa, ya zama mai zobe baƙi uku, wanda ake rubuta TRRS a kwali. Mai zobe biyu na kyamara ne, waya za ta ɗauke shi a matsayin iyafis kawai.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hira ta gaba, a wani gida a Idi-Araba. Ɗaki shiru, babu kasuwa, na ce yau sai wanda ya gani. Caji ya yi ƙasa, na soka caja a soket, gidan kuma a kan janareta yake. Ashe doguwar igiyar nan ta kwaso wani zuuu siriri da ya bi ƙarƙashin maganar tun daga farko har inda na cire cajar. A lasifikar waya ba ka jin sa sosai, sai ka sa iyafis. Ga kuma wani tit-tit-tit da ke kutsowa jefi-jefi duk lokacin da wayar ke neman sabis. Igiyar siririya ce, ba ta da wata kariya ta kirki. Da na koma fawa bank zuuu ɗin ya ɓace, Airplane mode kuma ya kawar da tit-tit ɗin, ya kuma hana kira shigowa ya katse ɗauka. Amma rabin hirar nan har yau ban iya sakinta ba, mai maganar kuma ya koma Kano.

Akwai kuma batun tufafinmu, wanda da alama masu ƙera shi ba su san da shi ba. Shadda mai sitaci tana da ƙara. Idan Alhaji ya sa babbar riga, duk sanda ya ɗaga hannu ya gyara ta a kafaɗa, sai ka ji ƙwaras a cikin magana. Gara ka maƙala a wuyan 'yar ciki inda ba ta motsi, ka tabbata kan makirfon bai taɓa yadi ba, in mai dogon gemu ne kuma ka sauke shi ƙasa kaɗan. Ka bi da igiyar ta cikin riga, ka ɗan lanƙwasa ta a bakin maƙalin, don in an ja ta kada girgizar ta kai ga makirfon. Maƙalin kansa ba ya riƙe yadi mai kauri da aiki a wuya, nawa har ya fara buɗe baki. Soson da ke kansa kuwa yana tare numfashi, amma iskar bakin ruwa irin ta Legas ta fi ƙarfinsa.

Da ranar da na dawo daga Mile 12 aka tambaye ni, da na ce kowa ya je ya saya. Yanzu ina cewa a saya, amma a gwada shi a cikin shagon da wayar da za a yi aiki da ita, a kankare a saurara kafin a biya. Kuma makirfo ɗaya ne, tambayoyinka kai mai hira za su fito can nesa, sai dai ka matso kusa da ƙirjin mutumin ko ka sake ɗaukar su daban. Wannan ma mai shagon bai faɗa mini ba.