Gargaɗi ga 'yan'uwa a Jidda game da mai sayar da katin girafik na jabu

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin ɗalibanmu da ke Jidda da Makka game da wani mutum da ke tallata katin GTX 1050 Ti a kasuwar kayan hannu ta intanet, yana cewa ya shirya shi tsaf domin horar da samfurin ƙirƙirarriyar basira. Ƙanena ya saya a hannunsa kan riyal 250, aka haɗa masa da filashi mai ɗauke da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, aka kuma gargaɗe shi da kada ya kuskura ya sabunta shi. Wannan sharaɗin shi ne alamar farko da ya kamata ta sa mutum ya ja da baya.

Abin da ke cikin kwalin tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010, wanda aka sauya wa BIOS domin ya riƙa nuna sunan da ba nasa ba. Ƙirarsa Fermi ce, kuma direba na ƙarshe da ke ɗaukar ta a Windows shi ne 391.35, alhali PyTorch, laburaren da ake horar da samfurin da shi, idan an gina shi kan CUDA 12, wato tsarin NVIDIA na gudanar da lissafi a kan katin, yana bukatar direba daga 525 zuwa sama. CUDA ma ta daina tallafa wa Fermi tun siga ta 9, saboda haka babu wani daidaita sigogi da zai sa horon ya tashi a kan wannan katin.

Da ƙanena ya koma da ƙorafi, sai mutumin ya ce laburarorin ne ba su dace da juna ba, ya karɓi ƙarin riyal 100 na gyara. Abin da ya yi kawai shi ne ya saka PyTorch na CPU, saƙon kuskure ya ɓace, horon ya fara tafiyar hawainiya, katin kuwa yana zaune ba ya aikin komai. Mun gano haka ne da waɗannan layuka:

```python
import torch
print(torch.__version__, torch.version.cuda)
print(torch.cuda.is_available())
```

Sigar ta fito da `+cpu` a ƙarshenta, sai `None`, sai `False`. Da katin na asali ne kuma aikin gaskiya aka yi, da lambar CUDA ta fito, layin ƙarshe kuma ya ce `True`.

Kafin ku miƙa kuɗi, ku buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan katin a gabansa ku duba `Shaders`: GTX 1050 Ti na asali yana da 768, namu 192 ya nuna. Ku kuma leƙa bayan katin, domin waɗannan na jabun galibi suna da ramin VGA mai launin shuɗi, wanda na asalin ba ya zuwa da shi. Sannan ku ce a sauke direba daga shafin NVIDIA a saka a gabanku. Mu dai da muka nemi haka daga baya, sai ya toshe lambar ƙanena.