Hattara da masu lissafin rodin bim kyauta

Jama'a masu gini, musamman waɗanda ke turo kuɗi daga nesa, ku yi hattara da wani salon cuta da ake yi da takardar lissafin rodi. Mutum zai zo da sunan injiniya, ya ce zai fitar maka da jadawalin yanka da lanƙwasa rodi ba ko sisi, sharaɗinsa ɗaya, a sayi rodin ta hannunsa kuma yaransa su ɗaura. Takardar za ta zo tsaf, da layuka da lambobi, kai kuwa da ba sana'arka ba ce sai ka ga ai an yi maka alheri. Na riƙe irin wannan takarda da aka ba wani ɗan'uwana a kan bim goma na gidansa, kuma abin da na gani ya sa na ga wajibi ne in faɗakar.

Bim ɗin faɗinsa milimita 230, zurfinsa 450, tsakanin fila da fila mita 4. Idan aka haɗa da kaurin fila biyu, tsawonsa daga baki zuwa baki milimita 4460 ne. Zanen ya ce a sa Y16, wato rodi mai kaurin milimita 16, guda uku a ƙasa, kowanne a tanƙwara bakinsa zuwa sama, tsawon 300, a ɓangarorin biyu, a bar tazarar kankare 25 tsakanin rodi da katako.

Lissafin gaskiya ba shi da wuya. Rodi ba ya taɓa katako, don haka a cire 25 a kowane baki, saura 4410. A ƙara ƙafafu biyu na 300, ya zama 5010. Sai kuma ragin lanƙwasa, wanda a nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Awon da ke kan zane ana ɗaukarsa ne har ƙarshen kusurwa, amma rodi ba ya kaiwa can, zagayawa yake yi kamar mai babur da ya yanke kwana. Saboda haka kowace lanƙwasa ta digiri 90 tana rage kusan ninki biyu na kaurin rodin, wato 32 a rodi mai kauri 16. Lanƙwasa biyu 64 ke nan, kuma abin da ƙa'idar lanƙwasa rodi ta Birtaniya, BS 8666, ke bayarwa ke nan ga wannan siffa.

```
4460 − 50 + 600 − 64 = 4946
```

A yanka 4950. Sandar rodi mita 12 ce, ke nan guda biyu za su fita a kowace sanda, har a sami ragowar mita 2.1 da za ta yi wani aikin. Bim goma na buƙatar guda 30, wato sanda 15.

Shi kuwa mutumin 6212 ya rubuta. Bai cire tazarar kankare ba. Ragin 64 ɗin nan ƙarawa ya yi, wai lanƙwasa tana cin ƙarfe. Ya sa 800 na haɗin rodi da rodi, alhali bim ɗin bai kai ko rabin sanda ba, to me za a haɗa? Sannan ya ɗora ƙugiya 144 a kowane baki, a kan rodin da aka riga aka tanƙwara masa ƙafa, kuma zanen bai nemi ƙugiya a nan ba. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, domin duk ƙarin nan manufarsa ɗaya, a tsallake mita 6. Da zarar guda ɗaya ya haura mita 6, biyu ba za su fita a sanda ba, sai a rubuta maka sanda guda ga kowane rodi. Sha biyar ta koma talatin. A wurin aiki kuma yaransa za su yanka daidai yadda ya kamata, biyu a sanda, sauran sha biyar ɗin ko dai ba a sauke su daga mota ba tun farko, ko kuma su bi dare. Sandar Y16 tana kai kilo 19, ka ga an kwashe maka kusan kilo 285 na ƙarfe a layi ɗaya na takarda.

Ringin da ke zagaye rodin ma bai tsira ba, kuma nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. Zanen ya ce Y10, tazara 200. Bayan cire 25 ta kowane gefe, ringin zai zama 180 da 400, zagayensa 1160. Kusurwa uku na digiri 90 suna rage 20 kowacce, saura 1100. Bakunan biyu kuma ana murɗa su ciki digiri 135, a bar wutsiya miƙaƙƙiya ninki goma na kaurin rodin, wato 100, murɗin kansa kuma yana ƙara kusan 30. Ƙugiya biyu 260 ke nan, jimla 1360. Takwas ne ke fita a sanda. A mita 4 da tazara 200 ringi 21 ake sawa, bim goma 210, sanda 27.

A takardarsa ya ɗauki 230 da 450 kai tsaye, ya sake mayar da ragi ƙari, ya kai 1680, ya kuma rubuta tazara 150, ringi 28 a kowane bim. Sanda 40 ke nan. Ringi mai wannan girman ko cikin akwatin katakon ba zai shiga ba, kowane kafinta ya san haka. Da muka je wurin muka ɗora tef a kan bim biyun da aka riga aka ɗaura, tazarar ta kai 250, wutsiyar ƙugiyar kuma ba ta fi faɗin yatsu biyu ba, an lanƙwasa ta digiri 90 kawai. An ci kuɗi a takarda, an kuma rage ƙarfe a gini. Ringi shi ke hana bim tsagewa a karkace kusa da fila, kuma idan ƙugiyarsa gajera ce yana iya buɗewa lokacin da nauyi ya hau. Da an zuba kankare, wallahi babu mai sake ganin wannan, kuma iyali ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

Don haka kafin ka biya, ka ce a nuna maka yadda aka samo tsawon kowane rodi, a gaban zane. Duk inda ka ga an ƙara don lanƙwasa ta digiri 90, ko an sa haɗi a bim da bai kai tsawon sanda ba, ko tsawo ya ɗan leƙa sama da mita 6 ko mita 4, ka tsaya a nan ka yi tambaya. Ka sa mai lanƙwasa rodi ya yanka ringi ɗaya na gwaji, ya murɗa, a saka a akwatin a gani, domin injin wani ya fi na wani buɗa kwana kuma hakan yana ɗan sauya awo. Ranar da aka kawo kaya ka tsaya, ko wakilinka, a ƙirga sanduna, a auna tsawon biyu ko uku. A yanko mita ɗaya a ɗora a sikeli: Y16 ya kamata ya kusanci kilo 1.58, Y10 kuwa kilo 0.62. Idan ya yi ƙasa sosai, siririn rodi aka kawo maka da sunan mai kauri.

Wanda ya ce shi injiniya ne a Najeriya, nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ka tabbatar. Kada ka yarda mai lissafi ya zama shi ne mai sayarwa kuma shi ne mai ɗauri, kuma kada a zuba kankare sai wanda ya yi zanen ginin ya zo da tef ya duba ɗaurin da idonsa. Idan takarda irin wannan tana hannunka yanzu, dakatar da biyan kuɗi, ka kai ta wurin wani injiniya da ba shi da alaƙa da mai kawo rodin ya sake lissafawa.