Littafi, teburin waya ko manhaja: da me mai gidajen haya zai riƙe lissafinsa?

Mai sassa takwas na haya a Garwa, ko mai ɗakunan ɗalibai a Dang kusa da jami'ar Ngaundere, tambaya uku yake son ya amsa duk ranar da ya ga dama: wa nake bi kuma nawa, yaushe kowa zai biya, sashe nawa ne ba kowa a ciki. Kafin ka sayi littafi ko ka biya kuɗin wata manhaja, da waɗannan ukun za ka gwada ta.

Akwai sharaɗi ɗaya da ke gaba da duk wani zaɓi. Lissafin haya shafi biyu yake bukata. Shafin farko na sassa ne: lambar sashe, sunan ɗan haya, kuɗin wata, ranar shiga, ranar biya. Na biyu na kuɗin da suka shigo ne, kowane biya da layinsa: kwanan wata, lambar sashe, adadi, da ta inda ya zo, hannu da hannu ko Orange Money ko MTN MoMo. Rikici da 'yan haya yakan taso daga haɗa shafukan biyu wuri ɗaya, inda mai gida ya yi akwatin wata-wata yana sa alama idan an biya. Alama ba ta san rabin biya ba, kuma a nan Kamaru rabin biya ba baƙon abu ba ne.

Mu ɗauki misali. Sassa huɗu na sama sefa 40,000 kowanne, huɗu na ƙasa 25,000, wato idan gida ya cika 260,000 a wata. Ɗan hayar sashen Sama1 ya shiga a Janairu, ranar biyansa 5 ga wata. Zuwa 5 ga Afrilu wata huɗu ya hau kansa, 160,000. Ya kawo 40,000, ya sake kawo 40,000, a Maris ya turo 25,000 ta waya, a Afrilu ya aiko yaro da 20,000 yana cewa "Alhaji ya yi haƙuri, ga na wannan watan." Jimilla 125,000, bashinsa 35,000. Mai akwatin alama zai ga alama huɗu ya ɗauka an gama. A lissafi mai kyau kuwa, 20,000 ɗin nan sai ta fara toshe ramin 15,000 na Maris, saura 5,000 ta shiga Afrilu. Kuɗi kullum tsohon wata suke fara biya, kuma a rubuta haka a rasit, don kowa ya san tun yaushe bashin ya soma.

Littafin hannu shi ne mafi araha, ba ruwansa da caji ko ɗauke wuta, kuma ɗan haya yana iya sa hannu a gaban layinsa, abin da dattawan unguwa ke girmamawa idan magana ta kai gabansu. Ga mai sassa huɗu ko biyar da ke zaune kusa da gidan, ya wadatar, muddin an ba kowane sashe shafinsa kuma an fitar da ragowar bashi a ƙarshen kowane layi. Rauninsa shi ne ba ya tunatarwa, kuma jimillar bashin gida duka sai ka zauna da biro ka tara. Littafi ɗaya ne kuma. Ruwan damina ko gara suka same shi, shi ke nan. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan.

Teburin lissafi na waya ko kwamfuta, Excel ko Google Sheets, shi nake ba mai sassa shida zuwa talatin shawara, kuma a nan zan ɗan daɗe. Google Sheets kyauta ne ga mai adireshin Gmail, ana iya sa shi ya buɗe ba tare da intanet ba, kuma ɗanka da ke Yawunde zai iya duba shi tare da kai. A shafin sassa ka sa lamba a ginshiƙin A, suna a B, kuɗin wata a C, yawan watannin da suka hau a D. A shafin da ka sa wa suna Biya, lambar sashe tana B, adadi yana C. Bashi da kason sassan da ba kowa, a Excel na Faransanci, ga su:

```
=C2*D2-SOMME.SI(Biya!B:B;A2;Biya!C:C)
=NB.SI(B2:B100;"wofi")/8
```

Idan naka na Ingilishi ne, sunayen SUMIF da COUNTIF ne, kuma yawanci waƙafi ake sawa a maimakon waƙafi mai ɗigo. Layi na biyu yana aiki ne idan ka rubuta wofi a gurbin suna duk sashen da aka tashi.

Inda tebur ke cutar mutum a ɓoye yake. Idan ka rubuta Sama1 a shafin farko, a shafin biya kuma ka rubuta Sama 1 da tazara, kuɗin ba za su hau ba, sai bashi ya bayyana a kan mutumin da ya biya. Yadda za ka gane: jimillar shafin biya dole ta yi daidai da jimillar abin da aka raba wa sassa, idan sun saɓa, akwai lambar da aka rubuta ba daidai ba. Haka idan ɗan haya ya tashi wani ya shiga, kada sabon ya gaji lambar tsohon, ka ba shi Sama1b da sabon layi, ka kuma cire wofi daga tsohon layin, in ba haka ba kuɗin tsohon za su rufe bashin sabon. Kuɗin ajiya da ake kira kosiyon kuma amana ne, ba haya ba, ginshiƙinsu daban. Kuɗin wuta da ruwa na mita ɗaya da ake rabawa su ma kada su shiga cikin haya.

Kason wofi fuska biyu gare shi. Sashe ɗaya na sama ba kowa cikin takwas, kashi 12.5 cikin ɗari ke nan. Amma a kuɗi 40,000 ne cikin 260,000, ya haura kashi 15. Na biyun ne ke gaya maka abin da aljihu ya rasa. Mai ɗakunan ɗalibai kuwa ya auna a shekara, don hutun jami'a kan bar ɗakuna wayam. Ɗaki goma a wata goma sha biyu wata-ɗaki 120 ne, idan 18 sun tafi babu kowa, kashi 15 ke nan.

Manhajojin kula da gidaje na biya suna tura tunatarwa suna fitar da rasit, amma da yawansu an gina su ne don ƙasashen da haya ke bi ta banki. Kafin ka biya, ka saka misalin Sama1 ɗin nan a lokacin gwaji. Ka duba ko tana lissafi da sefa, ko tana karɓar rabin biya ta kai shi tsohon wata, ko tana karɓar wanda ya biya wata uku gaba, sannan ko za ka iya fitar da bayananka zuwa Excel ranar da ka daina biya. Wadda ta kasa fitar da 35,000 a bar ta. A ganina sai sassa sun wuce talatin, ko suna garuruwa daban kamar Garwa da Marwa, kuɗinta ke biyan kansa.

Wanda ya damƙa gida ga wakili ma bai tsira daga wannan ba. Ka yarda da kasonsa a rubuce, a kan kuɗin da aka karɓa ba waɗanda ake bi ba, kuma duk wata ya kawo maka shafin biya layi-layi tare da kwafin rasit, kai kuma ka gwada su da saƙonnin kuɗin da suka shigo wayarka.