Sa Hannu Yanzu Ko Jiran Rahoton Likita

Direban da ya karye a ƙugu, aka kawo masa takardar sulhu wata 3 bayan hatsarin, hanya biyu ce gabansa. In ya sa hannu yanzu, diyya za ta shigo da wuri, a biya asibiti, a huta da shari'a. Amma a takardar akwai sharaɗin yafe duk wata da'awa, har ta ciwon da bai bayyana ba. In bayan shekara ƙashin ya ƙi haɗuwa, aka ce sai tiyata ta biyu, daga aljihunsa za ta fito.

Jira kuwa akwai wuya, ga bashi, ga wa'adin shigar da ƙara yana tafiya. Duk da haka ni na fi son ya dakata har likita ya rubuta inda raunin ya tsaya, sannan lauya ya karanta sharaɗin.