Fiton Yeji zuwa Makango: na biya kuɗin gaggawa, na je na zauna jiran jirgin da na gudu na bari

Da farko dai jirgin fito na Yeji, a tafkin Volta na ƙasar Ghana, wanda mutanen can ke ce wa fantun, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Da shi na dawo, lafiya lau, ina zaune a sama ina shan iska. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tafiyar zuwa, wadda na yi a kwale-kwale mai inji, kuma har yanzu in na tuna sai na ji cikina ya kaɗa.

Ɗaurin aure ne ya kai mu Salaga a watan Mayu, ni da kawuna da ke zaune a Kumasi. Mun kama motar dare, ta Mampong da Ejura da Atebubu, tafiyar sama da kilomita 200, muka sauka Yeji, inda ake ƙetare tafkin zuwa Makango a kama hanyar Salaga, gari bai gama wayewa ba. Tun kafin mu taso Kawu ya buga wa wani abokinsa mai sayar da kifi a can waya, ya ce masa fantun na safe yana tashi ne wajen ƙarfe tara, mu dai kada mu makara. Ba mu makara ba. Mun yi sallah, mun sha koko da ƙosai, muka gangara bakin ruwa tun ƙarfe bakwai da rabi, muka yanki tikitinmu a tagar ofis, aka ba mu 'yar takarda kowa ya riƙe tasa. Nan ba rigima, ba ɗan kamasho.

Abin da abokin Kawu bai gaya mana ba shi ne, lokacin da ake faɗa lokacin niyya ne. Fantun motoci yake ɗauka, kuma ba ya motsi sai an gama jera su ɗaya bayan ɗaya, ana daidaita nauyi dama da hagu. Ga shi watan Mayu ruwan tafkin ya ja baya sosai, mashigar ta koma can ƙasa inda ƙasa ke da taushi. Wata babbar mota ɗauke da siminti ta zo hawa, tayoyin baya suka nutse daidai bakin ƙarfen da ake hawa ta kansa. Ba gaba ba baya, kuma ta toshe wa kowa hanya. Tara ta wuce, goma ta gota, ana ta tura duwatsu da katakai ƙarƙashin taya. Na tambayi wani ma'aikaci yaushe za a tashi, ya ce, "Alhaji, in ta fita."

A nan shaiɗan ya zo mini a siffar wani saurayi mai jar hula. Ya ce kwale-kwalensu yanzu zai tashi, minti arba'in muna Makango. Kawu ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ruwan nan na san shi tun ba a haife ka ba. Mu yi haƙuri." Ni kuwa ina duba agogo, ɗaurin aure bayan Azahar ne. Na dinga matsa masa har ya ce to, ya ɗauki jakarsa bai ƙara cewa komai ba. Tikitin fantun ya tashi a banza, muka sake biyan kuɗin fito, wanda ya ɗara na fantun, kuma babu takarda, hannu da hannu ne.

A yi adalci, a bakin gaɓa abin ya burge ni. Akwai sojan ruwa da ke duba lodi, kuma a jikin kwale-kwalen an ja layi da fenti, wanda bai kamata ruwa ya rufe shi ba. Da muka gama shiga layin yana waje sarai, tsakanin ruwa da bakin katako ya kai kamu guda. Aka miƙo rigunan kariya masu ruwan lemo, kowa ya rataya. Na ce wa Kawu, "Ka gani ko? Yanzu an waye." Bai amsa ba.

Ba mu yi minti biyar ba matuƙi ya karkata ya bi gefen gaɓa zuwa wata 'yar mashiga da ba a hango ta daga inda sojan yake. Nan aka ɗora babura biyu, buhunan gishiri da na kasa ƙirgawa, jarkokin mai, da mutum kusan goma. Sababbin shiga babu wanda aka ba riga, don sun ƙare. Na leƙa gefe na nemi layin fentin, babu shi, ya shige ruwa. Na sa hannu na gwada: abin da ya rage tsakanin ruwa da baki bai fi faɗin tafin hannuna ba. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta yi magana, matuƙi ya ce mata kullum haka suke yi. Wallahi wannan amsar ta fi lodin ɓata mini rai.

Sai a lokacin na duba rigar da ke jikina da kyau. Daga nesa riga ce, daga kusa kuwa tsumma. Igiyar da ke ɗaure ƙirji ta tsinke an ƙulla ta da leda, maɓallin ƙugu babu rabinsa, soson ciki ya lotse ya yi nauyi kamar ya sha ruwa. Kawu ya ce in tsaya, ya kama kafaɗun rigar biyu ya ja sama. Ta zame ta wuce kunnuwana har ta rufe mini fuska. Ya ce, "To ka gani. In ka faɗa ruwa haka za ta yi, ita ta tashi sama kai ka yi ƙasa." Riga mai amfani, in an ɗaure ta tamau aka ja haka, ba ta wuce haɓa. Ya kwance rawaninsa ya naɗa mini a ƙugu ta saman rigar ya ƙulle. Ni da na janyo shi cikin wannan hali, shi ke ɗaure ni kamar yaro.

Wanda bai taɓa shiga tafkin Volta ba ba zai gane abin tsoron ba, don ba kogi ba ne mai gudu. Daji ne aka cika da ruwa. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, da itatuwanta a tsaye ba a sare ba, kuma har yau suna nan. Waɗanda suka leƙo sama, baƙaƙe kamar yatsu, ba su ne matsala ba, ana ganinsu a kauce. Na ƙarƙashi su ne, waɗanda kansu ya tsaya ɗan kaɗan ƙasa da fuskar ruwa. In ruwa ya ja baya, kututturen da jirgi ya bi ta kansa lafiya a watan Nuwamba shi ne zai fasa masa ciki a watan Mayu. Kuma duk buhun da aka ƙara yana ƙara nutsar da cikin jirgin zuwa gare su. Shi ya sa ake ajiye yaro a goshin kwale-kwale da doguwar gora, yana kallon inda ruwa ke ɗan murɗawa yana nuna wa matuƙi da hannu.

Namu yaron yana can yana kwashe ruwa da yankakkiyar jarka, don katakon yana yoyo kuma shi kaɗai ne. Mun yi kamar rabin hanya sai muka ji gum! daga ƙasa, jirgin ya ɗaga ta gefe ɗaya, ruwa ya kwararo ta ɗaya gefen bisa cinyoyinmu. Salati ya tashi. Mutane suka yunƙura za su miƙe su koma gefen da ya ɗaga, kuma nan ne zan yaba wa matuƙin, duk da haushinsa da nake ji: ya daka tsawa da yare uku kowa ya zauna, ya kashe inji nan take. Da an miƙe gaba ɗaya da mun kife. Kututturen bai fasa katako ba, gogarsa ya yi ya wuce ya bugi farfela. Ya ɗago injin, ya duba, ya ciro wani ɗan ƙarfe daga aljihu ya canja wanda ya karye, yaron da wasu maza biyu suna ta kwasar ruwa. Minti ashirin muna lilo a tsakiyar tafki, hadari yana haɗuwa ta gabas. Kawu carbi kawai yake ja. Ni ban iya ko addu'a ba, idona yana kan jaririn da ke bayan wata mata cikin waɗanda ba su sami riga ba.

Inji ya tashi, muka lallaɓa a hankali, minti arba'in ta koma awa ɗaya da kwata. Babu mashiga ta kirki, sai da muka tuɓe takalma muka taka ruwa zuwa gwiwa. Babbar rigata ta ɗaurin aure na cikin jaka, ita ma ta sha.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe abin dariyar yana gaba. Makango ƙaramin gari ne, kuma motocin Salaga da Tamale da ke tsaye a wurin fantun suke jira, don shi ke kawo taron da zai cika su. Mun sami bas guda, muka shiga, mu shida ne a ciki. Direba ya kwantar da kujera yana barci. Yaron mota ya ce sai ta cika, ko kuwa mu biya kuɗin sauran kujerun. Masu babur suna nan, amma ba zan ɗora dattijo a babur da jiƙaƙƙun kaya a wannan hanya ba. Muka zauna. Bayan awa ɗaya da wani abu sai ga fantun ya nufo gaɓa, da motar simintin a kansa, da mutanen da muka bari a Yeji suna saukowa tsaf da su, wani ma yana cin wake da shinkafa a ganye. Cikin minti goma bas ta cika muka tashi. Wani da muka yi layin tikiti tare ya gane ni ya ce, "A'a, Malam, ashe kuna nan?"

Mun isa Salaga an riga an shafa fatiha. Garin da kakanninmu suka yi ta takowa da jakuna neman goro, wata da watanni, har yaƙin basasar garin na 1892 ya watse kasuwar, ni na zo a mota na kasa kama Azahar.

Da za mu dawo kwana biyu bayan haka, mun kwana da shiri, muka bar Salaga da sassafe a motar da ke zuwa tarar fantun, ba mu tambayi kowa ƙarfe nawa ba. Ya yi jinkiri nan ma, ana ta jera motocin doya, amma da ya tashi ko girgiza ban ji ba, awa ɗaya da ɗan ɗori muna Yeji, ga motocin Kumasi a gindin gangara. Sai dai ko a nan ɗin, da na je duba inda aka ajiye rigunan kariya, a tattare na gan su wuri guda, babu wanda ya yi mana bayanin yadda za a kai gare su, ga mutane cunkushe a tsakanin motoci. Na zaro guda na ja igiyoyinta, lafiyayyu ne. Na zauna kusa da su har muka sauka.

Fantun, in don ni ne, huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda lokacin da ba a riƙewa da tikitina da ya tafi a banza, ko da yake wannan ni na jawo. Kwale-kwalen mai jar hula kuwa ba na ba shi komai, sai dai matuƙin da ya hana mu miƙewa. Rawanin Kawu har yanzu yana wurina, ya ce in riƙe.