Jadawalin amfani da illa ko jadawalin tambayoyi: wanne ya dace da takardar majiyyata?

"Salam. An ba ni aikin rubuta takardar bayani ga matan da suka yi ɓari a watanni ukun farko. Hanyoyi uku ne: jira, ƙwayar magani, wankin ciki. Na yi jadawali mai 'amfani' da 'illa', likitanmu ya ce ya karkata zuwa wankin ciki, ya ce in yi mai tambayoyi. Mene ne bambancinsu? Kuma yaya zan taƙaita ba tare da na ɓoye wani abu ba?"

Wa alaikissalam 'yar'uwa. Ina bayan likitanku, ko da ban ga abin da kika rubuta ba, domin karkatar tana cikin tsarin jadawalin ne tun kafin a zo kan kalmomi.

Jadawalin amfani da illa yana tilasta wa mai rubutu ya yanke hukunci a kan kowane bayani kafin ya sa shi a gurbi. Ɗauki wannan: idan mace ta zaɓi jira ko magani, yawanci a gida abin zai fita. A ina za ki sa shi? Wata matar abin da take so ke nan, ta kasance a ɗakinta kusa da nata. Wata kuma ba abin da take tsoro kamar ta ga jini da gudaji ita kaɗai cikin dare. Da zarar kin sa shi ƙarƙashin "amfani" ko "illa", kin zaɓa wa ɗayarsu. Sannan ido yana ƙirga layuka. In wankin ciki ya sami amfani huɗu, jira ya sami biyu, mai karatu ta gama fahimtar inda kika dosa tun ba ta karanta ko kalma ɗaya ba.

Jadawalin tambayoyi kuwa, hanyoyin ne a jere a sama, tambayoyin da mata ke yi suna gangarowa a gefe, kowace hanya ta amsa tambaya iri ɗaya. Ba a ce wannan alheri ne ko akasinsa ba, an dai faɗi abin da ke faruwa. Wata fa'idarsa ita ce ba ya barin ki tsallake abu. A na amfani da illa za ki iya ambaton ciwon mara a ƙarƙashin magani ki manta da shi a ƙarƙashin wankin ciki, ba wanda zai lura. A na tambayoyi gurbin zai tsaya fanko yana kallonki.

Ga yadda zan tsara naki:

| Tambaya | Jira | Ƙwayar magani | Wankin ciki |
|---|---|---|---|
| Me za a yi? | Jiki zai fitar da kansa | Magani zai sa mahaifa ta fitar | Ma'aikaci zai fitar da na'urar zuƙa |
| A ina? | Yawanci a gida | A gida ko a asibiti | A asibiti |
| Yaushe zai fita? | Cikin kwanaki ko makonni | Cikin awanni ko kwanaki | A ranar da aka yi aikin |
| Ciwo fa? | Ciwon mara, yana iya tsananta | Ciwon mara, yana iya tsananta | Kashe zafi ko barci lokacin aiki, ciwon mara bayansa |
| Jini fa? | Mai yawa lokacin fita, yana iya kai mako 3 | Mai yawa lokacin fita, yana iya kai mako 3 | Kamar na al'ada, mako 1 zuwa 2 |
| Mata nawa ne komai ke fita da wannan hanyar? | Kusan 50 cikin 100 | Kusan 85 cikin 100 | Kusan 95 cikin 100 |
| Mata nawa ke buƙatar ƙarin magani ko aiki? | Kusan 50 cikin 100 | Kusan 15 cikin 100 | Kusan 5 cikin 100 |
| Shigar ƙwayoyin cuta? | 2 zuwa 3 cikin 100 | 2 zuwa 3 cikin 100 | 2 zuwa 3 cikin 100 |
| Wasu matsaloli? | Zubar jini mai tsanani | Zubar jini mai tsanani, gudawa, tashin zuciya, zazzaɓi | Zubar jini mai tsanani, rauni a mahaifa, matsalar allurar barci |

Alƙaluman 50 da 85 da 95 su ne waɗanda Kwalejin Likitocin Mata da Haihuwa ta Birtaniya ta sa a takardarta ta majiyyata. Na ƙwayoyin cuta kuma daga wani gwaji ne da aka buga a 2006 a kan mata 1,200, inda ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin hanyoyin uku ba. Ki gwada su da ƙa'idar da asibitinku ke bi kafin a buga, ki kuma rubuta shekarar da aka duba takardar a ƙasanta.

Layin ƙwayoyin cutar nan, kada ki cire shi don amsoshin sun zo ɗaya. Mata da yawa suna zuwa da tunanin cewa in ba a yi wankin ciki ba abin zai ruɓe a ciki, don haka ganin adadi ɗaya sau uku a jere amsa ce babba. Jadawalin amfani da illa ba shi da inda zai ajiye irin wannan bayanin ma, tunda ba ya fifita kowa.

Yanzu batun lambobi, inda aka fi yin ɓarna ba da niyya ba. A ce kin rubuta layin ƙarin magani haka: jira "rabi", magani "kashi 15%", wankin ciki "1 cikin 20". Duka gaskiya ne, amma kin bar wa mace mai baƙin ciki lissafi, kuma akwai wadda za ta ga 20 ta fi 15 ta ɗauka wankin ciki ne ya fi matsala. Ki tsaya a kan "cikin 100" daga farko har ƙarshe. Kin kuma ga na kawo abu ɗaya ta fuska biyu, waɗanda komai ya fita da waɗanda suka buƙaci ƙari. Da gangan ne. "85 cikin 100 sun gama" yana kwantar da hankali, "15 cikin 100 sun koma asibiti" yana tayar da shi, alhali magana ɗaya ce. In za ki faɗi fuska ɗaya tak saboda ƙarancin wuri, to ta zama fuska ɗaya ce ga dukkan hanyoyin. Na guji kalmar "nasara" a kan layin, domin wadda ta rasa ciki ba za ta ji daɗin a kira fitarsa nasara ba.

Ƙananan kalmomi ne ke yawan tona asirin ra'ayin mai rubutu. Duba waɗannan biyun:

"Minti kaɗan kawai, an gama." / "Sai ki yi ta jira har makonni."

"A ranar da aka yi aikin." / "Cikin kwanaki ko makonni."

Bayanin kusan ɗaya ne, amma a na farkon "kawai" ta yi wa wankin ciki talla, "sai ki yi ta" da "har" sun yi wa jira ɓatanci. Ki bi jadawalinki ki farauto "kawai", "kacal", "har", "amma", "sai dai", "abin takaici", "cikin sauƙi". Sunayen hanyoyin ma haka. In kin kira jira "hanyar da ta dace da halitta", kin sa sauran biyun sun zama kamar shisshigi. In kin kira shi "rashin yin komai", kin mai da shi sakaci. Haka nan launi: kada kore a wata hanya, ja a wata, kada kuma a kaurara rubutun gurbi ɗaya. Ni nakan jera hanyoyin daga wadda ba a taɓa jiki zuwa wadda aka fi taɓawa, in kuma rubuta a saman jadawalin cewa jerin ba na fifiko ba ne.

Taƙaitawa kuwa, dabararta ita ce tambayar ta ɗauki nauyin jimlar, gurbin ya zama guntuwar amsa. Gurbi ɗaya, magana ɗaya, ginin jimla iri ɗaya a faɗin layin. In gurbi ya wuce kalma goma sha biyu ko makamancin haka, yawanci tambayoyi biyu ne suka cakuɗe, sai a raba layin. Tsawon gurabe ma yana magana: in na magani ya cika maƙil da matsaloli, na wankin ciki kalma biyu, ido zai ce magani ne mai haɗari. Layina na ƙarshe shi ne mafi rauni a jadawalin nan, domin ya haɗa gudawa, wadda ake yawan samu kuma take wucewa, da raunin mahaifa, wanda ba kasafai ake samu ba amma babba ne. In kina da wuri ki raba shi biyu, "matsalolin da aka saba gani" da "matsaloli masu tsanani", ki nemi likitanku ya ba ki adadi a kan kowanne.

Akwai abin da gajeren gurbi ba zai iya ɗauka ba, kuma a nan ne taƙaitawa ke iya komawa ɓoyewa. Adadin nan na 50 cikin 100 jimla ce ta mata iri-iri. Wadda jini ya riga ya ɓalle mata, saura kaɗan ya rage a mahaifa, jira ya fi yi mata aiki sosai a kan wadda hoton ciki ne ya nuna cikin ya tsaya alhali ba ta ga jini ba. Kada ki cusa wannan a gurbi. Ki sa jimla ɗaya a ƙasan jadawalin: "Waɗannan alƙaluman suna canzawa gwargwadon irin ɓarin, ki tambayi ma'aikaci wanne ne naki."

Rashin ɗaukar ɓangare ma yana da iyaka. Jadawalin na macen da hanyoyin uku duk suka dace da ita ne. Wadda ke zubar da jini sosai, ko take da zazzaɓi da ruwa mai wari, ko jiri ke ɗibarta, ba zaɓi ne a gabanta ba, taimakon gaggawa take buƙata. Wannan ya zauna a akwati na daban, a wajen jadawalin, da harshen umarni kai tsaye: "Ki zo asibiti nan take idan..." A can kam ki kaurara rubutun yadda kike so.

Jadawalin amfani da illa yana da ranarsa: in hanya ɗaya ce tak ake tambaya a yi ko a bari, ko a takardar ma'aikata. Ga hanyoyi uku a gaban majiyyaciya, na tambayoyi za ki yi.

Kafin ki mayar wa likitan, ki ba mutum biyu ko uku da ba ma'aikatan lafiya ba su karanta, ki tambaye su: "Wacce hanya kuke jin mai rubutun nan ta fi so?" In duk suka nuna hanya ɗaya, ki ce su nuna miki gurbin da ya sa suka ce haka, ki gyara shi. Sannan ki ce ɗaya ta faɗa miki da bakinta abin da zai faru in ta zaɓi magani. In ta kasa ambaton jini, ko ba ta san ana iya komawa ga wankin ciki daga baya ba, guraben sun yi gajarta fiye da kima.